Ranar da Baba Ya Taya Kuɗin Ruwa

Babanmu dillalin shanu ne a karar Gazawa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya sayi wani abu a kuɗin da aka fara faɗa masa ba. Yana taya gishiri, yana taya kuɗin mota, yana taya maganin tari a farmasi alhali farashin yana rubuce a jikin kwalin. Ranar da ƙanensa ya rasu, shi aka aika sayen likkafani. Waɗanda suka raka shi sun ce hawaye na zuba a gemunsa yana ce wa mai yadi, "Haba, rage dai." Kuma sai da aka rage.

Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "'Yar lakol" yake ce mini, wato 'yar makarantar boko, tun ina ɗaukar allo har na zama mai koyarwa. A bakinsa wannan suna ba yabo ba ne. 'Yar lakol ita ce wadda za a ce mata tumatir dala ashirin ta miƙa dala ashirin, har da godiya. In ya gan ni na dawo daga kasuwa sai ya leƙa kwandona ya tambayi nawa na saya, ya dafe kai, ya ce wa Inna an kashe masa kuɗin alli a banza. Ina jin haushin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A wata shekara ya ci bashin jaka ɗari biyar, wato sefa dubu ɗari biyar (kowace jaka dala ɗari biyu ce), a wani asusun lamuni da ke garinmu, don ya yi turka, wato kiwon shanu a turke su yi ƙiba a sayar. Jinginar da ya bayar ita ce takardar gonar kakanmu, wadda ke da gawo uku a tsakiya, wadda daga cikinta muke cin tuwo tun kafin a haife ni. Inna ta ƙi abin tun farko. Ta ce kuɗin ruwa ba ya da albarka, malamai sun faɗa, kowa ya ji. Baba ya ce ai ɗan ladan takarda ne kawai, wata shida zai mayar musu da abinsu.

Ya sayi bijimai biyu da harawa da dusa. Ɗaya ya kamu da ciwo, aka yanka shi da gaggawa, mahauta suka saye naman a wulaƙance. Damina kuma ta yanke tun gero bai gama ido ba, ɗan abin da aka samu na naman ya tafi a sayen hatsi. Baba ya yi ta biyan kuɗin ruwan wata-wata bai fasa ba, amma da wa'adi ya cika, uwar kuɗin tana nan jaka ɗari biyar cif, shi kuma ba ya da komai sai farin bijimi guda a turke. Wannan bijimin kuwa ya shiga ransa. Da hannunsa yake dama masa dusa da kanwa kowace safiya, yana yi masa hira. Duk wanda ya taya sai Baba ya ce albarka, bai kai ba tukuna.

Ba shi kaɗai damina ta kayar ba, don haka asusun ya fito da sassauci na shekara guda. Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi buro, wato ofishin asusun. Ban je ba. Labarin ranar na ji shi daga bakinsa, sau ba adadi, domin wata da watanni ba ya da wata hira a zaure sai ita.

Malamin buron, wani dattijo mai tabarau da sanyin murya, ya ce masa ruwan bashin biyu ne cikin ɗari kowane wata, wato jaka goma a kan jaka ɗari biyar. In Baba zai riƙa kawo jaka goman nan, bashin zai tsaya inda yake har shekara ta zagayo.

Baba ya ce, "Jaka ukku."

Malamin ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, "Baba, ba ciniki muke ba."

Baba ya ce mana daga nan ya san mutumin gwani ne, domin duk mai kayan da ya san hannunsa da haka yake farawa. Sai ya gyara zama. Ya tambayi lafiyar iyalin malamin, ya gano cewa ya san kawunsa, ya tuna masa wata saniya da ya taɓa sayar wa kawun da rahusa. Ya ƙara zuwa jaka huɗu. Ya miƙe ya sa takalmi ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon titi yana jiran a kira shi. Ba a kira shi ba, ya dawo da kansa ya ce ya manta carbinsa. Sau uku yana fita. Mutanen da ke kan benci suna jiran layi har sun fara ba shi shawara.

Can dai malamin ya ce tsarin sassaucin ya yarda mutum ya kawo abin da bai kai kuɗin ruwan ba, in ya matsa. Amma abin da ya rage ba yafewa ake ba, a kan uwar kuɗin ake ɗora shi, shi ma ya fara jawo nasa ruwan. Ya faɗa sau biyu. Baba da kansa yake maimaita mana wannan magana, yana kwaikwayon muryar malamin, yana dariya har da buga cinya.

"Kun ji hwa! Wai za ya hau bisa. Kowane mai kaya haka yake cewa, na hwaɗi, na yi asara, uwar kuɗina ba ta hito ba. Shekara talatin ina jin wanga kuka."

A jaka shida aka tsaya. Baba ya dangwala yatsa, ya kama hannun malamin ya girgiza kamar yadda ake yi in an sallama sa, ya fito. A hanya ya sayo tsire, bayan ya taya. Ya shigo gida yana cewa ya karya buro, daga goma ya sauko da su shida, kuma da 'yar lakol aka aika da sha biyu za ta biya. Ina zaune ina jin sa. Ya kamata in ce a ba ni takardar in karanta. Ban ce ba, saboda ina fushi, na ce a raina tun da shi ne gwani ya je ya yi ta gwanintarsa. Wannan shirun nawa har yau yana damuna.

Wata goma sha biyu Baba bai yi lattin kwana ɗaya ba. Ran biyar ga wata, tun ba a buɗe buro ba yana bakin ƙofa da jakarsa shida. A wajensa haka mutumin kirki yake yi da bashi: ka riƙa nuna fuskarka, ka riƙa ragewa da ɗan abin da ka samu, mai kuɗi ya san ba gudu za ka yi ba. Haka ya yi da mai shago, haka Fulanin da ke bin sa kuɗin shanu suke yi da shi, kuma bai taɓa ganin bashin da aka kai wa kuɗi ya ƙi raguwa ba. Kowane resi, takardar shaidar biya, da aka ba shi sai ya soke shi a wata ƙusa da ke bangon zaure, inda baƙi za su gani.

A ƙasan kowane resi akwai lamba, kuma Baba ya iya karanta lamba sarai. Ya ga ta farko ɗari biyar da huɗu, ta biyu ɗari biyar da takwas da 'yan kai. Wani maƙwabcinmu ya taɓa nuna masa, ya ce, "Alhaji, wagga lamba kamar hawa take." Baba ya ce ai wannan kuɗin da suka sa wa kayansu ne, ba a taya ba tukuna. In ranar ta zo za a zauna.

Lissafinsa shi mai sauƙi ne. Shida sau goma sha biyu, saba'in da biyu. A cire daga ɗari biyar, saura ɗari huɗu da ashirin da takwas. Bijimin kuwa yana sa ran zai sayar da shi ɗari huɗu da hamsin. Har ya yi wa Inna alkawarin turmin atamfa da canjin.

Da shekara ta cika aka aiko masa da wasiƙa cikin ambulan, da Faransanci. Nan dole ta sa ya neme ni. Ya same ni a tsakar gida ina gyaran takardun ɗalibai, ya miƙo mini yana murmushi, ya ce in karanta da ƙarfi Inna ta ji, wataƙila godiya ce suka rubuto.

Na karanta a zuci tukuna. Na sake karantawa. Sai na tashi na je zaure na zaro resi goma sha biyun nan daga ƙusa, na jera su a kan tabarma.

Na ce, "Baba, jaka ɗari biyar da hamsin da uku suke bin ka, da 'yan daloli."

Ya ce, "Ɗari huɗu dai."

"Ɗari biyar da hamsin da uku. Sassauci ya ƙare. Sun ce daga watan gobe za ka riƙa kawo jaka hamsin da biyu da wani abu duk wata, har shekara guda. In ka kasa, za su bi ta kan jingina."

Inna ta ajiye muciya. Ba wanda ya ambaci gona, amma kowa ya san ita ake nufi.

Baba ya ce lakol ɗin nan dai ba ta da amfani, mutum ya kai kuɗi sau goma sha biyu a ce bashi ya ƙaru? To kuɗin nasa ina suka tafi, aljanu suka kwashe? Na ɗauko alli na fara yi masa lissafi a bangon ɗaki. Na ce watan farko ruwa jaka goma ne, ka kai shida, huɗun da suka rage aka ɗora a kan ɗari biyar. Wata na biyu ruwan ɗari biyar da huɗu aka lissafa, ya zama jaka goma da dala goma sha shida, ka kai shida. Haka kowane wata, ruwan yana ɗan ƙaruwa, shidanka tana nan yadda take. Jaka huɗu sau goma sha biyu, arba'in da takwas. Sauran biyar da 'yan kai ruwan da waɗannan suka jawo ne. Duk saba'in da biyun da ka kai, ko dala ɗaya ba ta taɓa uwar kuɗin ba.

Ya ce bai gane ba, kuma na san ya fara ganewa, don ya daina kallon bangon.

Inna ce ta ƙarasa shi. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta ce, "Malam, in sanka na cin tiya goma ka ba shi shidda, sauran huɗun ya ɗiba cikin rumbunka, ya ƙara ƙiba, gobe cinsa ya ƙaru. Kai kana murna ka rage mishi abinci." Daga haka ta koma kan tukunyarta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, amma yadda ta riƙa tuƙa tuwon nan kowa ya ji.

Washegari ya sa babbar riga ya ce in zo mu je. Wannan ne karo na farko a rayuwata da Baba ya ce in raka shi wani wuri da ake maganar kuɗi. A hanya yana ta ƙarfafa kansa, wai yanzu ne za a yi cinikin gaske.

Malamin buron ya tarbe mu da mutunci, ya ba Baba kujera. Baba ya gaishe shi, ya tambayi kawunsa, sannan ya ce, "To ɗana, kun sa ɗari biyar da hamsin da ukku. Na saya ɗari huɗu."

Malamin ya cire tabarau, kamar dai yadda aka ba mu labari. Ya ɗauko takardar da Baba ya dangwala wa yatsa ya miƙo mini, ya nuna mini layin. Yana nan a rubuce, ba a ɓoye ba, ba da ƙananan baƙaƙe ba. Ya ce, "Malama, wallahi sau biyu na hwaɗa mishi. Na ce ya kawo goma, ko ya saida san ya rage uwar kuɗin. Ya ce mini in bar kukan 'yan kasuwa."

Baba ya miƙe ya sa takalmi ya nufi ƙofa. Ya tsaya a bakinta yana kallon titi. Ni ina zaune ina kallon bayansa, da babbar rigar da Inna ta sa wa shuni, yana jiran a ce dawo Alhaji. Dariya ta taso mini, kafin ta fito ta koma wani abu daban, na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na wannan lokaci ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya zauna, bai ce ya manta carbi ba.

Ya tambaya a hankali, "Yanzu da muke zamne, bashin yana tahiya?"

Malamin ya ce e, ruwan wata yanzu ya haura jaka goma sha ɗaya, kusan dala saba'in da huɗu ke nan kowace rana.

"Har da dare?"

"Har da dare, Baba."

"Ran Juma'a hwa?"

Malamin ya ce har ran Juma'a. Sai Baba ya tambaya in ya kawo kuɗi da yawa a dunƙule, za su sauka a kan uwar kuɗin? Malamin ya ce za su sauka, kuma za a sake lissafin biyan wata a kan abin da ya rage.

Ranar kasuwa ta zagayo bayan kwana uku. Baba ya wanke bijimin da kansa, ya ja shi zuwa kara. Na bi su daga nesa na tsaya wajen masu fura, inda nake hango komai. Duk kara an san san nan, an kuma san mai shi. Dillalai suka fara taruwa, wasu har da jawo benci, domin in Baba zai sayar da dabbarsa, kallo ne na yini guda: zai rantse, zai kwance igiya ya yi kamar zai koma gida, zai bar mai saye ya tafi ya dawo wani mako.

Akwai wani falke da ke zuwa daga ƙetaren iyaka yana loda shanu a babbar mota. Sau biyu a baya yana taya san nan Baba yana kora shi, kuma ranar shi kaɗai ne a kara mai irin wannan kuɗi a hannu. Ya zagaya bijimin, ya daddanna tozonsa, ya ja baya ya gyara tsayuwa kamar mai shirin dambe. Ya ce, "Ɗari huɗu."

Baba ya ce, "Na sallama."

Falken bai ji ba, ko kuma kunnensa bai yarda ba, don har ya buɗe baki zai ƙara. Wani dillali ya dafa Baba ya ce, "Alhaji, lahiya?" Wani ya ce a kawo masa ruwa. Falken kansa ya tsorata, ya sake zagaya san, ya buɗe bakinsa, ya duba kofato, yana neman ciwon da aka ɓoye masa. Sai da Baba ya rantse masa cewa lafiyarsa ƙalau, shi ne dai yake sauri. Ya karɓi kuɗinsa ya ƙirga, ya miƙa igiya bai kalli san ba. Da ya iso inda nake ya ce, "In na ce albarka ya tahi, sai wani mako. Bashin kuwa ba ya jiran mako." Muka wuce buro kai tsaye, ko gida ba mu biya ba.

Malamin ya karɓi ɗari huɗun, ya buga lissafi, ya ce saura ɗari da hamsin da uku da 'yan kai. Ruwan wata ya dawo jaka uku da kaɗan. In Baba zai kawo goma sha huɗu da rabi duk wata, shekara guda ya gama.

Na ga leɓen Baba yana motsi. Na san wannan motsin tun ina yarinya, tayi ne ke tahowa. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, abin da ban taɓa yi ba.

Ya ce, "Ashirin."

Malamin ya ce, "Baba, sha huɗu da rabi na ce."

"Na ji. Ashirin. 'Yar lakol za ta cika biyar."

Ba a shawarce ni ba, amma na cika, wata tara ina cikawa. Kowane ran biyar ga wata in ya dawo daga buro, ba ya soke resi a ƙusa sai ya kawo mini tukuna. Ya iya karanta lambar, amma sai ya miƙo ya ce, "Duba mini, ta sauka?" In ce ta sauka. Ya ce, "Da nawa?" In faɗa masa. Bai sake leƙa kwandona ba.

Ranar da aka ba shi takardar gonar, bai kai ta ɗakinsa ba, Inna ya miƙa wa. Ta naɗe ta a tsumma ta sa a ƙasan adakarta, ta tambaye shi labarin atamfarta. Ya ce ana ciniki.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne safiyar da ta biyo bayan ranar kasuwar. Na fito zan tafi lakol, na same shi ya dama dusa da kanwa a babban kwano, ya ɗauko ya zo har gaban turke. Ba komai a wurin sai guntuwar igiya da sawun kofato. Ya tsaya riƙe da kwanon. Da ya ga na gan shi, sai ya ce awaki ya dama wa, alhali ba mu da akuya ko ɗaya. Ya ajiye kwanon a gindin turken, ya ɗauki hauyarsa ya tafi gona, ko da yake rani ne, ba abin da ake yi a can.